Lissafin Kalori a Kayan Ƙwalama Marasa Sukari: Kada a Yi Ragi Sau Biyu

A manyan kantunan Kano, Kaduna, Abuja da Yamai, yanzu da wuya ka rasa kanta guda da aka ware wa biskit, cakulan, alewa da cingam masu ɗauke da alkawarin cewa babu sukari a cikinsu, ko kuma kaɗan ne. Masu sayensu sanannu ne: gidan da ake jinyar ciwon sukari, da wanda likita ya ce ya rage teɓa, da uwargidan da ke son yara su rage zaƙi. Kayan suna da tsada, galibi daga waje suke zuwa, kuma mai saye yana biya ne da zaton ya sayi sauƙi. Sai dai sukarin da aka cire ba a barin gurbinsa haka kawai. Dole a cike shi da wani abu mai nauyi da zaƙi, in ba haka ba biskit ba zai haɗu ba. Abubuwa biyu ake cikewa da su: dangin zaƙin da ake kira foliyol, da kuma faiba da aka ƙara da gangan. Galibinsu suna ba jiki kalori, amma ƙasa da na sukari, kuma daga nan ruɗanin lissafi yake farawa. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne cewa yawancin kamfanoni sun riga sun yi ragin kafin su buga adadin kalori a kwali. Aikin gida shi ne a tabbatar ko an yi, ba a sake yi ba.

1. Ku fara da jerin kayan haɗi, ku gano wane foliyol aka zuba.

Foliyol dangi ne, kuma 'yan dangin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sukari da sitaci suna ba da kalori 4 a kowane giram. A ma'aunin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, sobitol yana ba da 2.6, zailitol 2.4, maltitol 2.1, aisomalt da laktitol 2 kowanne, manitol 1.6, shi kuwa eritiritol ba a lissafa masa komai. Tarayyar Turai ta sauƙaƙa abin a dokarta ta lakabin abinci ta shekarar 2011: kowane foliyol 2.4, ban da eritiritol da aka ba sifili.

Dalilin bambancin yana cikin hanji. Maltitol da sobitol ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su gaba ɗaya. Wani kaso yana shiga jini, sauran ya gangara babban hanji inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a can suke cinye shi, su fitar da iska da wasu sinadarai da jiki ke sake tsotsa ya samu ɗan ƙarfi. Shi ya sa kalorinsu ya tsaya wajen rabi. Eritiritol hanyarsa daban ce. Kusan kashi 90 cikin 100 yana shiga jini, amma jiki ba ya ƙona shi, sai ya fita ta fitsari yadda ya shiga.

Kusan dukan sunayen suna ƙarewa da -ol, kuma a kayan Turai ana iya ganin lambobinsu: E420 sobitol, E421 manitol, E953 aisomalt, E965 maltitol, E966 laktitol, E967 zailitol, E968 eritiritol. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci, don haka in an haɗa biyu, wanda ya zo a gaba shi ya fi yawa. A biskit da cakulan, maltitol za ku fi gani, saboda zaƙinsa da yadda yake narkewa sun fi kusa da na sukari. In aka ce ruwan maltitol ne mai kauri aka zuba, ku ɗauke shi wajen kalori 3. Gilisarin, wato E422, da ake sawa don kada sandar ƙwalama ta bushe, kada ku rage masa komai, domin ƙarfinsa ya kai na sukari.

Akwai mutanenmu da ke mayar da kwali kan kanta da zarar sun ga sunan da Amurkawa ke kiran wannan dangi, wato `Sugar Alcohol`, saboda yana ɗauke da kalmar da suka sani da giya. Sunan na masana sinadarai ne, yana nuni da tsarin ginin ƙwayar. Babu sinadarin da ke sa maye a ciki, kuma sobitol ma yana nan a halitta cikin tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa.

2. Ku tantance tsarin lakabin kafin ku taɓa alƙalami.

Lakabi iri biyu ne ke yawo a kasuwanninmu, kuma kalmar kabohaidiret ba abu ɗaya take nufi a cikinsu ba. A tsarin Amurka, jimillar kabohaidiret ta haɗa komai: sitaci, sukari, foliyol da faiba. A tsarin Turai da Birtaniya, wanda shi ne a kan kayan Faransa da ke shiga Nijar, kabohaidiret ya ƙunshi sitaci, sukari da foliyol, amma faiba tana da layinta daban, ba ta cikin jimillar. Wanda ya cire faiba daga kabohaidiret ɗin lakabin Turai ya cire abin da tun asali ba a sa ba.

Kayan da aka yi a wasu ƙasashe, ko waɗanda mai shigo da su ya manna wa sabuwar takarda, kan bi ko wane daga cikin biyun. Ga gwaji mai sauƙi. Ku tara giram ɗin mai, da kabohaidiret, da furotin, da faiba. In jimillar ta zarce nauyin abin da ake magana a kai, to faiba tana cikin kabohaidiret, kun ƙirga ta sau biyu, tsarin Amurka ke nan. In kuwa jimillar ta tsaya dab da nauyin ba ta wuce ba, a busasshen abu irin biskit ko cakulan, faiba a waje take. Wata alamar ita ce lakabin Turai yana ba da lissafi a kan giram 100, kuma yana kawo lambobi biyu na ƙarfi, `kJ` da `kcal`. Na biyun shi ne kalorin da muke magana. In na farkon kaɗai kuka samu, ku raba shi da 4.2.

3. Ku yi lissafin da kanku sau ɗaya, ku gwada da abin da kwali ya faɗa.

Wannan ita ce shawarar da sauran suka rataya a kanta, don haka bari mu bi ta a hankali da misali. A ce an sayo sandar biskit mai rufin cakulan, nauyinta giram 40, lakabinta na tsarin Amurka. In aka ɗauki hoton lambar kwalin da manhajar lissafin abinci, ga abin da zai fito a allon waya:

```
Calories             160
Total Fat            9 g
Total Carbohydrate   24 g
  Dietary Fiber      7 g
  Total Sugars       1 g
  Sugar Alcohol      10 g
Protein              4 g
```

Wato mai giram 9, jimillar kabohaidiret 24, a cikinta akwai faiba 7, sukari 1 da foliyol 10, sai furotin 4. Jerin kayan haɗi ya nuna maltitol ne foliyol ɗin, faibar kuma inulin ce ta saiwar cikori. Gwajin shawara ta biyu ya tabbatar da tsarin: 9 da 24 da 4 da 7 sun ba da 44, sun wuce 40, saboda haka faiba tana ciki.

Lissafi na farko shi ne na ɗanye, wanda ba ya ragi. Mai yana ba da kalori 9 a giram, kabohaidiret da furotin 4 kowanne. Mai ya ba da 81, kabohaidiret 96, furotin 16, jimilla 193. Kwali kuwa ya ce 160. Wannan tazarar ta 33 ita ce shaidar cewa kamfani ya riga ya yi ragi.

Lissafi na biyu shi ne na gyara. A fitar da faiba da foliyol daga kabohaidiret, a ba kowanne nasa ma'auni:

```
24 − 7 − 10 = 7
(9×9) + (4×4) + (7×4) + (10×2.1) + (7×2)
81 + 16 + 28 + 21 + 14 = 160
```

Giram 7 na farko shi ne ainihin sitaci da sukari, ya ba da 28. Maltitol ya ba da 21, inulin 14. Lissafin ya faɗa daidai kan abin da aka buga. Ke nan 160 za a rubuta a littafi, babu abin da za a ƙara cirewa.

Yanzu ga inda ake ɓata. Mutum ya ji an ce faiba da foliyol ba sa ƙirguwa, sai ya ɗauki giram 17 ɗinsu ya ninka da 4 ya samu 68, ya cire daga 160, ya rubuta 92. Kamar mai shago ne ya yi maka ragi ya faɗi kuɗin ƙarshe, kai kuma ka sake zare ragin daga abin da za ka miƙa masa. Wani kuma ya ga an buga da manyan baƙaƙe a gaban kwali cewa kabohaidiret mai aiki giram 7 ne kacal, sai ya yi lissafi da shi kaɗai, ya samu 125, ya manta da 35 ɗin da maltitol da inulin suka kawo. Sanda ɗaya ta ba da amsoshi huɗu: 193, 160, 125 da 92. Tsakanin ta gaskiya da mafi ƙanƙanta akwai kalori 68, wanda ya ɗan zarce ƙananan cokula huɗu na sukari. Mai cin biyu a rana yana ɓoye wa kansa 136 kullum, sannan ya yi ta mamakin yadda sikeli ya ƙi motsi bayan duk kuɗin da yake kashewa. Abin yana ba ni tausayi musamman ga tsofaffin da 'ya'yansu ke sayo musu waɗannan kaya da kyakkyawar niyya.

Da eritiritol ne a maimakon maltitol, 21 ɗin nan za ta faɗi, lissafi ya koma 139, kwali ya buga 140. Layin foliyol a allo zai nuna giram 10 ɗin nan dai, shi ya sa shawara ta farko ta zo kafin wannan.

4. Ragi yana halatta ne kawai in lissafin ɗanye ya yi daidai da kwali.

Dokar Amurka ta ba kamfanoni zaɓin hanyoyin lissafi fiye da ɗaya, kuma wasu, musamman ƙanana, suna tsayawa a kan 4, 4 da 9 ba tare da ragi ba. Da kwalin sandar nan ya ce 190, to ya yi daidai da lissafin ɗanye na 193, kuma a nan ne kuke da damar sauko da shi zuwa 160. Hanyar gaggawa ita ce a cire kalori 2 a kan kowane giram na foliyol da na faiba mai narkewa, 4 kuma a kan kowane giram na eritiritol. Giram 17 sau 2 ya ba da 34, a cire daga 193 a samu 159.

Wannan dabara tana aiki ta baya ma. Akwai kwalayen da ba su buga layin foliyol ba, alhali maltitol yana gaba-gaba a jerin kayan haɗi. Ku raba tazarar da ke tsakanin lissafin ɗanye da na kwali gida biyu, za ku samu kimanin nauyin foliyol da faiba a haɗe. A misalinmu rabin 33 ya ba da 16 da rabi, ainihin kuwa 17 ne. In eritiritol ne a ciki dabarar ba ta tafiya, sai a raba da 4.

Masu amfani da manhajar waya su kula da wani abu. Wasu manhajojin suna ɗaukar adadin kalori daga kwali, wasu kuma suna ninka giram ɗin da aka shigar da 4, 4 da 9 da kansu, sai jimillar yini ta ƙi haɗuwa da jimillar abubuwan da aka ci. Yawancin bayanan ma jama'a ne suka shigar da hannu, wani ya sa `Net Carbs`, wato kabohaidiret mai aiki, a gurbin `Total Carbohydrate`. In allo da kwali suka saɓa, kwalin da ke hannunku za ku bi, ku gyara na allon.

5. Faiba ba sifili ba ce, kuma ba duk abin da aka kira faiba ne faiba ba.

Iri biyu ce. Akwai mara narkewa, irin dusar alkama da ɓawon hatsi da seluloz, wadda ke wucewa kusan yadda ta shiga. Ita ce lakabin Amurka ke iya ba sifili. Akwai kuma mai narkewa, wadda ƙwayoyin babban hanji ke ci, ita ce ake ba kalori 2 a giram. Faibar da ake ƙarawa a kayan ƙwalama galibi ta biyun ce, saboda ba ta sa biskit gautsi a baki, wata ma tana da ɗan zaƙi: inulin, da faibar masara mai narkewa, da folidekistiros mai lamba E1200, wadda ita ana ba ta kalori 1 kawai. Turai ba ta bambanta ba, kowace faiba 2 take ba ta. A lissafin gida ni ma 2 nake ba da shawara a bi, sai in dusa ce ƙarara a jerin kayan haɗi.

Wadda ta fi cancanta a yi hattara da ita ita ce wadda ake taƙaita sunanta da IMO, wani ruwa mai kauri da zaƙi da ake yi daga sitaci, sau da yawa na rogo ko masara. Shekaru ana zuba shi a sandunan furotin ana ƙirga shi a layin faiba, alhali ƙaramin hanji yana narkar da kaso mai yawa nasa zuwa gulukos. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa a kira shi faiba a lakabi. Kayan da aka yi a wasu wurare suna iya ci gaba da ƙirga shi haka. In kun gan shi a farkon jeri, ku ɗauke shi kusa da sitaci, kada ku yi masa ragin faiba.

Akwai kuma aluloz, wanda ba foliyol ba ne kuma ba faiba ba. Sukari ne da jiki ba ya ƙonawa sosai, kalori 0.4 a giram. A lakabin Amurka yana ɓuya cikin jimillar kabohaidiret ba tare da ya fito a layin sukari ba, don haka in lissafinku ya haura na kwali da yawa kuma babu foliyol, ku neme shi a jerin kayan haɗi.

6. Ku duba layin mai, domin can kalorin yake taruwa.

A sandar da muka lissafa, mai kaɗai ya kawo 81 cikin 160, fiye da rabi. Duk wahalar da muka sha a kan maltitol da inulin a kan 35 ce. Cakulan ya fi nuna haka. A ce lakabin Turai ya ba da waɗannan a giram 100: mai 36, kabohaidiret 48 wanda 42 daga ciki foliyol ne, faiba 8, furotin 6. Jimillarsu 98, ba ta wuce 100 ba, faiba a waje take. Mai ya ba da 324. Kabohaidiret da ba foliyol ba giram 6 ne, ya ba da 24. Foliyol 42 sau 2.4 ya ba da kusan 101, faiba 16, furotin 24. Jimilla 489.

Da sukari ne a gurbin foliyol ɗin, 42 sau 4 zai ba da 168, jimilla ta zama 556. Sauƙin da aka samu 67 ne a giram 100, kimanin kashi 12 cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne ga haƙori, kuma yana da amfani ga sukarin jini, amma ga mai neman rage nauyi wannan cakulan ne dai har yanzu. Wanda ya ci layi biyu maimakon ɗaya saboda an ce babu sukari ya riga ya cinye ribar har ya shiga uwar kuɗi. A ƙa'idar Turai, cewa abu ba shi da sukari yana nufin bai wuce rabin giram a cikin 100 ba, cewa kaɗan ne kuma yana nufin bai wuce giram 5 ba a busasshen abinci. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya yi alkawari a kan kalori.

Wannan misali yana kuma nuna kuskuren shawara ta biyu a fili. Wanda ya cire foliyol 42 da faiba 8 daga 48 zai samu ƙasa da sifili. Duk lokacin da lissafi ya faɗa ƙasa da sifili, an cire faiba daga inda ba ta.

In ana son a auna da abin da aka saba, kalori 160 daidai yake da kimanin giram 28 na soyayyar gyaɗa, wato abin da tafin hannu zai ɗauka. Ga mai ƙirga kalori kawai, sandar mai tsada ba ta fi wannan gyaɗar sauƙi ba.

7. Ku auna abin da ya shiga baki, ku bar bin ƙananan lambobi.

Lakabin Amurka yana magana ne a kan rabo ɗaya, kuma ƙaramin kwali yana iya ɗauke da rabo biyu ko uku. Na Turai a kan giram 100 yake. Ƙaramin sikelin kicin ya fi kowace dabara amfani a nan: in an ci giram 25 na cakulan ɗin nan, kwata ɗin 489 ne, kimanin 122.

Saɓanin kalori 5 ko 10 tsakanin lissafinku da kwali ba laifi ba ne. A Amurka duk abin da ya haura 50 ana daidaita shi zuwa goma mafi kusa, giram ɗin ma an daidaita su, kuma doka ba ta ɗaukar lakabi a matsayin ƙarya sai ainihin kalorin ya haura abin da aka buga da fiye da kashi 20 cikin 100. Tazarar da ta kai 20 ko 30 a rabo ɗaya ita ce ta cancanci a tsaya a bincika.

8. Mai ciwon sukari yana da lissafi na biyu, kada a cakuɗa shi da na kalori.

Kalori yana magana ne a kan nauyin jiki. Abin da zai ɗaga sukarin jini nan da awa biyu wani abu ne daban, kuma a nan ne alkawarin giram 7 na gaban kwali yake da haɗari, domin ya ɗauki maltitol tamkar ba ya shiga jini. Yana shiga. A ma'aunin saurin ɗaga sukarin jini, wanda gulukos ke da 100, sukarin shayi yana wajen 65, maltitol wajen 35, ruwansa mai kauri kuma ya haura 50. Eritiritol sifili ne, sobitol da zailitol kuma ƙasa suke sosai.

Ƙa'idar da masu koyar da jinyar ciwon sukari suka daɗe suna bayarwa ita ce a cire rabin foliyol kawai daga kabohaidiret, in ya wuce giram 5. Eritiritol ana iya cire shi duka. A sandarmu, in an cire faiba 7 da rabin maltitol 5 daga 24, saura 12, kusan ninki biyu na abin da gaban kwali ya faɗa. Jikin mutane ya bambanta, don haka wanda ke da na'urar gwaji a gida ya gwada sabon abu shi kaɗai: ya auna kafin ci, ya ci rabo ɗaya ba tare da wani abinci ba, ya sake aunawa bayan awa biyu. Mai allurar insulin kada ya canza adadin allura a kan wannan lissafi sai ya nuna wa likitansa kwalin, domin maltitol yana shiga jini a hankali, allura kuma tana iya riga shi.

Abu ɗaya nake roƙo a sanar da kowa a gida, har da yara da masu aiki. In sukarin mara lafiya ya faɗi, ya fara gumi da rawar jiki da jiri, alewa ko cakulan mara sukari ba magani ba ne. Abin da ake buƙata kimanin giram 15 ne na sukari na gaske, babban cokali ɗaya a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba na ainihi, matuƙar yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. A ajiye waɗannan kaya daban da sukarin gaggawa, kada a ruɗe cikin firgici a miƙa wanda ba shi ba.

9. Ciki yana da iyakarsa, kuma yakan riga kalori yin magana.

Abin da ya sa foliyol ya yi ƙarancin kalori shi ne dai yake sa kumburin ciki. Kason da ba a tsotsa ba yana jawo ruwa zuwa hanji, ƙwayoyin hanji kuma suna fitar da iska, sai a samu ƙugin ciki, tusa, wani lokaci gudawa. Inulin ma tana ƙara iskar. Saboda haka Turai ta wajabta gargaɗi a kan duk abincin da foliyol ɗin da aka ƙara masa ya wuce kashi 10 cikin 100, Amurka kuma tana neman gargaɗi in ana iya cin giram 50 na sobitol ko 20 na manitol a rana. Mutane da yawa suna jin canji tun ƙasa da haka nesa, daga giram 10 zuwa 20 a zama ɗaya. Cakulan ɗin misalinmu yana da 42 a giram 100, ke nan giram 50 nasa ya kai 21.

Ku tara giram ɗin foliyol na yini gaba ɗaya, har da cingam da alewar maƙogwaro, ku fara da abin da bai wuce 10 ba, ku ga yadda ciki zai karɓa kafin a ƙara. Yara jikinsu ƙarami ne, abin da babba ya ɗauka lafiya yana iya sa su zawo, kuma in yaro ya fara zawo ba zazzaɓi a gidan da ake ajiye irin wannan alewa, a tambaya ko ya samu kwalin. Mai yawan fama da kumburin ciki ya fi kowa saurin ji, eritiritol ne ya fi masa sauƙi tunda yawancinsa ba ya isa babban hanji. A watan azumi kuma, cin waɗannan kaya lokacin buɗa baki a kan cikin da ya wuni ba komai yana iya sa riƙe alwala ya yi wuya a sallar asham, don haka ya fi a jinkirta su zuwa bayan sallah, kuma bayan an ci abinci.